Yadda Ake Zaɓa wa Ɗan Shekara 12 Kyautar da Zai Riƙe da Daraja

Wata Ƙaramar Sallah na sayo wa ɗan ƙanwata motar wasa mai rimot, ja, ƙatuwa, wadda na san da shekara biyu baya ne da sai ya kwana da ita a kan katifa. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Kawu, Allah Ya ƙara arziki." Kafin la'asar na hango motar a hannun ƙanensa ɗan shekara bakwai, shi kuma yana bakin ƙofar gida a tsugune yana kallon wani maƙwabcinsu na ɗaure sarƙar keke. Ranar na gane cewa yaron ya wuce inda na baro shi.

Tun daga lokacin na yi wa 'ya'yan 'yan'uwa da na abokai fiye da goma kyauta a daidai wannan shekarar, maza da mata, wasu don saukar Alƙur'ani, wasu don cin jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, wasu don Sallah. Abin da na koya guda ne: ɗan shekara 12 ya daina son kwaikwayon abu, ainihin abin yake so, daidai girmansa. Ba ya son agogon roba mai hoton katun, yana son agogon da zai duba ya ce an kusa kiran Magariba. Yarinya ba ta son keken ɗinkin wasa, tana son zare da kwarashin da za su fitar da jakar da za ta rataya. Duk matakan da ke ƙasa hanyar gano wannan abin ne da kuma sayensa ba tare da asara ba.

Abubuwan da za ka tanada

Ka sami tef ɗin awo irin na tela, da farar takarda da biro. Ka tsayar da adadin kuɗin da za ka iya kashewa tun kafin ka shiga kasuwa. Kana bukatar kamar mako biyu kafin ranar bayarwa, da kuma mutum ɗaya a cikin gidan da zai riƙe maka sirri, yawanci uwar yaron ko yayarsa. Idan abin da za ka saya na hannu ne, ka ƙara da mai sana'ar da ya san abin, misali mai gyaran keke na unguwarku, tare da ɗan abin goron da za ka ba shi.

Kuɗin kuma ka kasa shi uku tun a gida. Kashi biyu na ainihin kyautar ne, kashi ɗaya na abin da zai sa ta yi aiki: famfo da kwaɗo idan keke ne, ƙarin zare idan saƙa ce, hatsin wata guda idan tsuntsaye ne. Masu farawa sukan zuba kuɗin duka a kan abin da ya fi ɗaukar ido, sai kyautar ta isa gida ta zauna jiran cikon da babu mai saye.

Mataki na 1: Ka kalla, kada ka tambaya kai tsaye

Idan ka zaunar da yaron da aka yi wa tarbiyyar gidan Hausa ka ce masa me kake so, amsar da za ka samu ita ce, "Duk abin da ka sayo, Baffa." Kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, yarinya ma ta fi. Idan kuma ka matsa, zai faɗi abin da yake ganin ba zai yi maka nauyi ba, ko abin da ya ji manya na yabawa.

Don haka ka je gidan sau biyu ko uku ka zauna kamar ka zo gaisuwa, ka lura da abu uku. Me yake ara a wurin wasu? Me yake yi idan babu wanda ya aike shi? Me ya lalata garin son ganin cikinsa? Aro ne ya fi kowanne gaskiya. Yaron da kullum yake roƙon abokinsa ya ba shi keke ya ɗana zagaye ɗaya ya riga ya gaya maka. Yarinyar da ake yi wa faɗa don ta kwashe ƙyallayen da tela ya rage tana ɗinka wa 'yar tsanar ƙanwarta riga ita ma ta gaya maka. Wanda ya kwance rediyon babansa har aka zane shi, ƙaramin akwatin sukundireba da filaya ne kyautarsa, tare da wata matacciyar rediyon da za a ce tasa ce ya yi yadda ya ga dama.

Idan kana nesa, ka kira uwar. Amma kada ka ce mata me yake bukata, domin uwa za ta ce takalmin makaranta da jaka, kuma gaskiyarta ce. Ka ce mata, "A kan me kuka fi yin faɗa da shi kwanan nan?" A cikin amsar za ka ji ƙwallo, ko kiwon tattabarun maƙwabta, ko ɗaukar mata lalle da turare.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne dogaro da abin da ka sani tun bara. A wannan shekarar wata shida na iya canza yaro gaba ɗaya.

Mataki na 2: Ka gwada abin da ka zaɓa da tambaya uku

Kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi kanka. Shin babba zai iya amfani da irin wannan abin a gaban mutane ba tare da jin kunya ba? Shin yaron zai ƙara ƙwarewa a kansa bayan wata uku, ko ranar farko ce ƙarshen daɗinsa? Shin zai iya kula da shi da kansa, ba sai ya dinga bin iyayensa da roƙon kuɗi ba?

Motar rimot ɗina ta faɗi duka ukun. Keke ya ci duka. Agogo ya ci na farko da na uku. Kaya da takalmi sun ci na farko kawai, kuma ga matsalar girma: 'yan mata kan yi tsawon nan na gaggawa wajen shekara 11 zuwa 12, maza kuma sai wajen 13 zuwa 14. Ɗinkin da ya zauna wa yarinya cif a Ƙaramar Sallah yana iya ɗage mata kafin Babba. Ba na hana sayen kaya, amma ni a wurina kayan Sallah haƙƙi ne da aka saba, yaro ba ya lissafa su a cikin kyautar da aka zaɓa dominsa.

Mataki na 3: Ka nemi izinin iyaye, musamman a kan waya

Wannan matakin ba a tsallake shi. Keke na nufin yaro zai yi nisa da gida. Dabba na nufin ƙazanta a tsakar gidan wata. Ka gaya wa uban da uwar abin da kake niyya, ka ji ta bakinsu. Idan yaron makarantar kwana zai tafi, ka nemi takardar kayan da makarantar ta yarda da su, don kada a ƙwace kyautar a bakin get ranar farko.

Waya kuwa, zan faɗi ra'ayina a fili: ba na saya wa ɗan wani babbar waya a shekara 12, ko da shi ne abin da ya fi so a duniya, kuma yawanci shi ne. Su kansu WhatsApp da TikTok da Facebook sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Bayan haka, waya ba ta ƙarewa a ranar saye. Akwai kuɗin data, akwai caji, akwai sa ido a kan wanda yake magana da shi da tsakar dare, kuma duk wannan nauyin a kan iyayen zai sauka bayan kai ka koma gidanka. Idan iyayen da kansu suka ce suna son hanyar kiransa saboda islamiyya ko darasin yamma mai nisa, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar, su kuma su riƙe ta da dare.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ka ƙara taka-tsantsan. Idan akwai sa'ansa a ɗaya ɗakin, ko dai ka yi musu tare, ko ka ɗaura kyautar a kan dalilin da kowa ya gani, kamar sauka ko cin jarrabawa, yadda za a san cewa duk wanda ya kai nan zai samu. Na taɓa ganin keke ɗaya ya haddasa gaba ta wata da watanni tsakanin ɗakuna biyu.

Mataki na 4: Ka yi awo

Ba a sayen keke ko takalmi da ƙiyasin ido. Ka sa a tsayar da yaron jikin bango ba takalmi, a ɗora littafi a kansa, a yi alama, a auna daga ƙasa. Idan ana son ɓoye masa dalili, sai a ce za a kai wa tela. Na takalmi kuma, ya taka farar takarda a tsaye, a zagaye ƙafar da biro, ka tafi kasuwa da takardar. Ka ƙara faɗin babban yatsan hannu ɗaya a gaba, kada ka wuce haka. Mutanenmu na son sayen takalmi da lamba biyu a sama wai don ya girma a ciki, amma takalmin ƙwallon da ya yi yawa yana sa ƙafa zamewa a ciki, ya fitar da bororo a dunduniya, kuma kafin ƙafar ta cika shi ya riga ya yage.

Mataki na 5: Sayen keke na hannu, yadda na yi wa ɗan ƙanwata

Zan daɗe a nan, domin keke ne kyautar da ta fi tsada a cikin waɗanda nake bayarwa, kuma a kansa aka fi cutar mai saye.

Shekarar da ta biyo bayan motar rimot, yaron ya yi sauka. Tsawonsa santimita 146. Girman keke da faɗin wili ake gane shi, kuma a rubuce yake a gefen taya, za ka ga wani abu kamar 24 x 1.95 ko 26 x 1.95. Lambar farko ita ce inci na wilin. Yaron da ke tsakanin santimita 135 da 150, inci 24 ne nasa. Wanda ya haura 150 zai iya hawa inci 26 mai ƙaramin bodi. Inci 20 ya yi wa yawancin 'yan shekara 12 kaɗan, gwiwa za ta dinga dukan kan keken. Mai shagon ya so ya tura mini inci 26, yana cewa, "Alhaji, yaro girma yake, wannan har jami'a." Na ƙi. Keken da ya fi ƙarfin yaro shi ke sa shi tuƙi a tsaye yana karkata, kuma idan mota ta taso ba zai iya sa ƙafa a ƙasa da sauri ba.

Na tafi da mai gyaran keke na layinmu, kuma ga abin da muka duba, a jere yadda ya koya mini.

Bodi ne farko. Ka duba duk mahaɗar ƙarfe, musamman wuyan keken da ƙasan sirdi da wurin feda. Idan ka ga tsaga, ko sabuwar walda, ko fenti ya tattare kamar fatar tsoho a bayan wuya, keken ya taɓa cin karo da ƙarfi. Ka bar shi ko nawa aka rage maka. Sabon fenti mai sheƙi a kan tsohon keke ma abin tuhuma ne, don da shi ake rufe tsatsa da walda.

Sai wili. Ka ɗaga gaban keken ka juya wilin, ka sa ido a kan tazarar da ke tsakaninsa da robar birki. Idan yana lilo kaɗan, mai gyara zai daidaita shi da ɗaure wayoyin. Idan yana dukan robar a kowane zagaye, ko wayoyi uku huɗu sun karye, to ka lissafa kuɗin sabon wili. Ka kama tayar ka girgiza ta hagu da dama: idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci.

Sai birki. Ka matse na gaba, ka tura keken gaba da baya. Kada ya motsa, kuma kada ka ji wuyan na ƙara. Hannun birkin bai kamata ya taɓa kan keken ba idan an matse. Ka tuna hannun yaro bai kai naka ba, don haka idan kai babba sai ka yi da ƙarfi kafin ya kama, shi ba zai iya ba. Robar birki da wayarsa ba su da tsada, ni ina canza su a kowane keken hannu da na saya ko sun yi kyau a ido.

Sai sarƙa da giya. Ka juya feda baya, ka ga ko sarƙar na tafiya sumul ko tana tsalle. Haƙoran da suka yi tsini kamar ƙaya sun cinye. Game da giya, shawarata ita ce idan garinku shimfiɗaɗɗe ne kamar Kano, keke marar giya ya fi wa yaro. Giyar keken hannu mai araha ita ce abin da ya fara lalacewa, yara kuma suna canza ta a tsaye har su karya. Haka keken nan mai sifirin a tsakiya da ke burge yara: nauyi ne kawai, ga saurin sakin jiki. Araha ba ta ado, amma a keke ado ma ba ya nuna ƙarko.

Abu na ƙarshe, bakin tub. Ka zaɓi mai kauri irin na babur da mota, domin kowane mai faci a bakin titi zai iya ba shi iska. Siririn nan na kekunan tsere yana bukatar famfonsa daban.

Keke na uku da muka duba shi muka ɗauka, inci 24, shuɗi, marar giya, fentinsa ya ɗan koɗe amma bodinsa lafiya lau. Na karɓi rasit mai sunan shago da lambar bodin, wadda ake samu a ƙarƙashin wurin feda idan an kifa keken. Kada ka sayi keke a hannun wanda ya tare ka a hanya, komai araharsa. Ranar da mai shi ya gan shi, yaron ne za a tsare a cikin unguwa a kira shi ɓarawo.

Da kashi ɗayan da na ware na sa aka canza robar birki da waya, aka sa sabon tub a baya, aka yi wa boris giris, na sayi ƙararrawa da famfo da sarƙa mai kwaɗo da sifana mai lamba 15, wadda ke kwance yawancin notin wili. Na sa fitila da abin ƙyalli na baya saboda dawowa daga islamiyya da magariba. Hular kwano ta keke na wahalar samu a wasu garuruwan, amma idan ka samu ka haɗa, kuma ka sa masa sharaɗin kada ya hau babban titi. Kayan faci kuwa ban haɗa ba. Sholisho ba abin da za a bar wa yaro a ɗaki ba ne, kowa ya san abin da wasu yaran ke yi da shi. Idan taya ta yi faci ya tura wurin mai faci.

Ranar da aka kai, mun daidaita sirdi a gabansa. Ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ya zama akwai tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakaninsa da ƙarfen sama. Ya zauna ya ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe. A jikin ƙarfen sirdin akwai layin da aka zana, ba a ɗaga shi ya wuce nan, in ba haka ba yana iya karyewa.

Mataki na 6: Idan kuɗin keke bai samu ba, ko ba shi yaron ke so ba

Agogo shi ne na biyu a wurina, ga maza da mata. Casio F-91W, ƙaramin baƙin nan da ake yi tun 1989, yana da ƙararrawar tashi da fitila, batirinsa kan kai shekara bakwai, kuma bai yi wa siririn hannu girma ba. Jabunsa ya cika kasuwa. Ka danne maɓallin dama na kamar daƙiƙa uku yayin da yake nuna lokaci: na asali zai nuna sunan kamfanin a fuskarsa. Wasu jabun sun koyi wannan ma, don haka ka haɗa da duba tsabtar rubutun da ke jiki. Kowane agogo ka saya, ka gaya wa yaron cewa wanda aka rubuta wa 30M yayyafi da fantsama kawai yake jurewa, ba na wanka ko iyo ba ne, kuma ya cire shi lokacin alwala, wanda dama hakan ya fi don ruwa ya game hannu.

Ƙwallo na da lamba. Lamba 4 ta 'yan shekara takwas zuwa 12 ce, lamba 5 ta manya. Ga wanda ya cika 12 ni lamba 5 nake saye, don ita zai ci gaba da bugawa kuma ita abokansa za su girmama. Ka haɗa da allurar ba da iska. Takalmi mai dogayen ƙusoshi na filin ciyawa ne. A filin ƙasa mai tauri irin na makarantun firamarenmu yana sa ciwon ƙafa da gurɗewa, sai ka nemi mai ƙananan ƙusoshin roba masu yawa. Idan za ka haɗa da jesi, ka tabbatar da ƙungiyar da yake goyon baya. Kai wa ɗan Arsenal rigar Chelsea ya fi rashin kyautar ciwo.

'Yar yayana kuwa, mai kwashe ƙyallayen tela, matata ce ta haɗa mata nata. Kwarashi biyu na ƙarfe, milimita 4 da milimita 5, ƙullin zaren ulu huɗu masu matsakaicin kauri, almakashi ƙarami mai kaifi na gaske, tef, da jaka mai zif da za ta zuba komai. Matata ta hana ni ɗaukar baƙin zare da siririn kwarashi, ta ce mai koyo ba ta ganin idon saƙa a baƙi, siriri kuma yana gajiyar da ita kafin ta ga abin da ta yi. Zare mai haske, kala biyu, ya isa. Abin da ya sa kyautar ta rayu shi ne mun roƙi wata maƙwabciyarsu mai saƙa ta zauna da ita yamma uku. Cikin wata guda ta saƙa wa jaririn gidan hula, ta ɗan karkace, amma an sa masa ita ranar suna. Duk kyautar sana'a haka take, sai da mai nunawa. Idan babu, ka canza shawara.

Idan yarinyar lalle take so, ka saya mata jan lalle na ganye da littafin zane da za ta gwada fure a ciki. Ka guji baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi don ya kama da wuri. Sinadarin da ke ciki yana ƙona fatar wasu ya bar tabo, fatar yara kuma ba ta da juriya. Man bilicin da kayan kwalliya masu nauyi ba su shiga lissafina ko kaɗan.

A gidan da ke da fili, kiwo kyauta ce da iyayenmu suka daɗe da sani. Tattabaru biyu, mace da namiji, sun fi sauƙin farawa: ƙwai biyu suke yi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka, su ci dawa da gero. Sai an kulle sababbi na wasu makonni kafin a sake su, in ba haka ba su koma gidan da suka fito, kuma ɗakinsu ya kasance a sama inda mage ba ta kaiwa. Zomo na haihuwa bayan kamar wata guda da barbara, yana saurin yawa, amma ba ya jure zafi, sai da inuwa mai iska. Ka fara gina wurin kwanan kafin ka kawo dabbar, kuma ka faɗa a gaban iyayen cewa abin da aka haifa na yaron ne. Idan aka yanka masa ranar da aka yi baƙi ba a tambaye shi ba, an rushe kyautar.

Idan abin hannunka kaɗan ne ƙwarai, tocila mai caji mai kyau, ko asusun katako mai kwaɗo da makullinsa a hannun yaron, ko akwatin ƙarfe ƙarami da zai kulle kayansa, duk suna faranta wa ɗan wannan shekarar rai fiye da yadda babba zai zata. A gidan da yara shida ke ɗaki ɗaya, samun wurin da babu mai buɗewa sai kai babban abu ne. Ku kuma haɗa kuɗi, kawu da gwaggo da baffa, ku sayi abu ɗaya mai kyau, ya fi tarkace uku.

Mataki na 7: Yadda ake miƙawa

Ka ba shi hannu da hannu, da kanka idan da hali, a gaban iyayensa amma ba a tsakiyar taron abokansa ba. Ɗan shekara 12 na jin nauyin a zuba masa ido, yana iya daskarewa ka zaci bai ji daɗi ba. Ka faɗi dalilin da ya sa ka zaɓi abin a jimla ɗaya: "Na ga kana son gyaran keke, shi ya sa na haɗa maka da sifana." Wannan jimlar ce ke nuna masa an lura da shi. Kada ka bi ta da doguwar nasiha, kada ka faɗi kuɗin, kuma kada ka ce za ka karɓe idan bai zo na ɗaya ba.

Ka riƙo wa ƙannen tsarabar alewa ko biskit, sannan ka faɗa kowa na ji cewa wannan na wane ne, mai so ya ara sai ya tambaye shi. Idan ba ka faɗa ba, kafin mako ya zagayo keken ya zama na aiken gida, babban yaya ya ɗauke shi zuwa majalisa.

Mataki na 8: Ka koma bayan mako biyu

Yawancin kyaututtuka a nan suke mutuwa. Taya ta sace ba a ba ta iska ba, zare ya ƙare, batir ya mutu, sai a jingine abin a lungu, yaron kuma kunya ba za ta bar shi ya kira ka ba. Ka je ka ce ya nuna maka. Idan ka tarar da abin ya yi datti ya goge, ana amfani da shi ke nan. Idan yana nan fes a cikin ledarsa, ko dai zaɓin bai dace ba, ko an hana shi taɓawa don kada ya lalace, sai ka bincika a hankali wanne ne. Idan zaɓin ne, ka ba shi dama ya musanya ko ya bar wa ƙanensa ba tare da ka nuna ɓacin rai ba.

Da na koma wurin ɗan ƙanwata, na tarar sarƙar ta saki tana faɗuwa, ya kwana uku bai hau ba. Muka kifa keken a tsakar gida, na nuna masa yadda ake sassauta notin baya biyu da sifanar, a ja wilin baya har sarƙar ta rage lilo kamar faɗin yatsa, a duba wilin na tsakiya, sannan a ɗaure hagu da dama kaɗan-kaɗan. Na kwance na ce ya yi da kansa. Sau biyu wilin na karkacewa, a na uku ya zauna daidai. Ya ɗiga wa sarƙar man inji, ya goge hannunsa da tsumma, ya tura keken waje.